Kaftanin kwastoma ya yi ƙyalli a bakin aljihu bayan guga, akwai dabara?

Ɗan Garwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shagon wanki da guga a nan Garwa. Jiya wani Alhaji ya kawo kaya, shadda farare da kaftani ɗaya na yadi mai ruwan bula mai duhu. Yaron shagona ya goge shaddojin lafiya lau, da ya zo kan kaftanin sai ga ƙyalli ya fito a bakin aljihu, da gefen wuya wajen maɓallai, da duk tsawon ɗinkin hannun rigar. Bai ƙone ba, babu huji, babu ja. Amma in ka ɗaga shi a rana sai ka ga wuraren suna walƙiya. Yaron ya rantse ya rage wutar dutsen kafin ya ɗora. Jibi mai kaya zai zo. Me zan yi?

Maman Hafsat: Wa alaikumus salam. Ai ƙyalli abin so ne, mu har kuɗi muke biya a kai mana shadda wajen masu bugu don ta yi ƙyalli. Ka sa ya bi sauran jikin rigar da dutsen, ta yi ƙyalli gaba ɗaya, shi ke nan.

Ɗan Garwa: Hajiya ba shadda ba ce, yadi ne. Irin wanda ake so ya zauna a dushe.

Bappa Tela: Kada ka kuskura ka bi shawarar nan, ɗana, Hajiya ba ta ga kayan ba ne. Kafin komai, duba cikin kalmasa ko gefen yadin in tela bai yanke ba. Sau da yawa akwai rubutu a bakin ƙyallen. In babu, zaro zare biyu ko uku daga cikin ɗinki, inda ba a gani, ka kusantar da ashana. Ka gaya mini warin da ka ji da abin da ya rage a hannunka.

Ɗan Garwa: Bappa na gwada. Zaren ya janye daga wutar tun kafin ya kama, hayaƙi baƙi, ƙarshensa ya dunƙule ya yi tauri, na murza bai fashe ba. Amma akwai ɗan warin takarda kuma. A bakin yadin na ga 65 da 35.

Bappa Tela: To ka samu amsarka. Targal ne, wato zaren roba, aka haɗa da biskos, zaren da ake yi daga itace, kashi 65 targal, 35 biskos. Shi ne yawancin yadin kaftani da wando da ke kasuwa yanzu, ko da mai shago ya ce maka ulu ne. Dunƙulen nan mai tauri targal ne, warin takardar kuma biskos. Da auduga zalla ce, da ta ci da wuta sosai ta bar toka mai laushi. Da ulu ne, da ka ji ƙaurin gashi, baƙin da ya rage kuma ya murmushe a yatsa. Yanzu tambaya: bayan yaron ya juya maɓallin rage wutar dutsen, minti nawa ya jira?

Ɗan Garwa: Na tambaye shi. Ya ce bai jira ba, ya juya ya ɗora.

Anti Zara, Injamena: Nan ne matsalar. Na yi shekaru a sashen wankin otal, wannan shi ne abin da sabon ma'aikaci ke fara yi. Maɓallin yana yanke wuta ne kawai, ba ya sanyaya ƙarfe. Dutsen da ya gama shadda yana kan ɗigo uku, wato wajen digiri 200. Ka juya shi zuwa ɗigo ɗaya, ƙasan dutsen yana nan da zafinsa, sai ya ɗauki mintoci kafin ya sauka, in mai nauyi ne ma ya fi haka. Kuma fitilar tana yaudarar mutum: ta mutu, sai yaro ya ɗauka dutsen ya shirya, alhali ta mutu ne don zafin ya wuce inda aka sa. Sai ta sake kamawa da kanta, sannan ka san ya sauko. Shi ya sa mu a wajen aiki ake jera kaya tun da safe, masu son sanyi a fara da su, auduga da lilin su zo ƙarshe. Hawa yana da sauri, sauka ce ke cin lokaci.

Ɗigon nan da ke jikin dutse su ne dai ke jikin takardar wuyan riga. Ɗigo ɗaya kada a wuce 110, na nailan ne da akirilik da duk abin da ke da roba mai miƙewa. Ɗigo biyu 150, ulu da biskos da yawancin targal. Uku 200, auduga da lilin. Siliki ni ba na kai shi ƙarshen ɗigo biyu. In yadi haɗi ne, wanda ya fi rauni a ciki shi ake bi, ko da shi ne kaɗan.

Sadiku Ngaundare: Anti, da girmamawa, akwai abin da bai shige ni ba. Mun karanta a makaranta cewa targal ba ya narkewa sai wajen digiri 250 zuwa 260. Dutsen gida ba ya kaiwa nan. To ta yaya 200 zai ɓata shi? Ni ina ganin sitaci ne ko sabulun da bai fita ba ya kwanta a saman rigar. A sake wankewa kawai.

Anti Zara, Injamena: Lissafinka daidai ne ƙanena, amma ba sai ya narke yake lalacewa ba. Targal da gorar ruwan roba abu ɗaya ne aka yi su da shi. Tun daga wajen digiri 70 zuwa 80 yake fara laushi, yana karɓar siffar da aka ba shi, in ya huce kuma ya riƙe ta. Da wannan halin ne ake yi wa siket ɗin 'yan makaranta ninkin da wanki ba ya warwarewa. To ka duba abin da ke faruwa a ƙarƙashin dutse. Zaren yadi a mulmule yake, ga ƙananan gashi a samansa, haske in ya sauka sai ya watse ko'ina, ido ya ga launi a dushe. Dutse mai zafi ya zo da nauyi ya danne, saman zaren ya baje ya yi sumul, sai hasken ya dawo ta fuska ɗaya. Ƙyallin ke nan. A 150 da hannu mara nauyi zaren yana jurewa, a 200 da danna kuwa bajewar ta zauna.

Bappa Tela: Kuma ka lura da inda ya ce abin ya fito, Sadiku. Bakin aljihu, wajen maɓalli, kan ɗinki. Da sabulu ne da ka gan shi a tsakiyar baya ko a ciki, ko'ina. Wuraren nan ninki uku ne ko huɗu, sun fi sauran rigar tudu, duk nauyin dutsen a kansu yake sauka. Ɗan Garwa, me ka shimfiɗa a teburinka?

Ɗan Garwa: Katako ne, da zanin gado ninki biyu.

Bappa Tela: Ya yi kaɗan. Nemi tsohon bargo mai kauri ka ninka, ka rufe da farin zanin auduga. In ƙasa da laushi, tudun ɗinkin sai ya nutse a ciki maimakon ya tsaya tsakanin katako da ƙarfe. Ni rabin ƙyallin da nake gani a kayan mutane ba laifin wuta ba ne, laifin tebur ne. Kaya masu duhu kuma a juya su ciki waje. Fari ma yana yin ƙyallin, ba a dai ganinsa ne.

Sadiku Ngaundare: Na yarda da batun tudu. Amma har yanzu sitaci yana sa ƙyalli, na gani da idona a wandon baƙi.

Anti Zara, Injamena: Yana sawa, ban musa ba. Sitaci ko ƙaro a kan baƙin yadi yana barin fari-fari mai walƙiya. Banbancin, nasa yana tafiya da wanki ɗaya. Ɗan Garwa, kun sa wa kaftanin sitaci?

Ɗan Garwa: A'a Anti, shaddojin kawai.

Anti Zara, Injamena: To ga abin da za ka gwada, amma ban yi maka alkawari ba. Fara da farce: ja shi a hankali a kan wurin, sannan a kan inda bai taɓu ba. In ka ji wurin ya yi santsi da tauri, har saƙar ta shafe ba ka jin layukanta, zaren ya riga ya manne da juna, babu mai dawo da shi. In har kana jin saƙar, akwai fata. Samu farin ƙyallen auduga, jiƙa ka matse, shimfiɗa a kan wurin. Dutse a ɗigo biyu. Kada ka danna, kada ka ja. Ka sauke shi ya taɓa ƙyallen kawai, har tururi ya tashi, daƙiƙa uku zuwa biyar, ka ɗaga. Tun wurin yana da ɗumi ka bi shi da buroshi mai laushi, ko tsohon buroshin haƙori, kana tayar da gashin. Bari ya bushe, fita da shi rana ka duba, ka maimaita. Kashi 35 ɗin nan na biskos yana shan ruwa ya kumbura ya miƙe, shi zai fi taimakonka. Targal ba ya shan ruwa kusan sam, nasa sai dai abin da ɗumin ya sassauta. Hattara kuma, biskos in ya jiƙe ƙarfinsa raguwa yake, kada ka goge shi da ƙarfi.

Usaini Kuseri: A zuba binegar fari a ruwan. Cokali biyu a kofi. Mahaifina da shi yake cire ƙyallin kwat, kuma yana fita tas.

Bappa Tela: Kwat ɗin mahaifinka ulu ne, Usaini. Ulu gashin dabba ne, tururi kaɗai ma yana tayar da shi, shi ya sa ƙyallin ulu ya fi sauƙin magani. Ni ina zargin tururin ne ke aikin, binegar yana karɓar godiya.

Usaini Kuseri: Bappa na gwada da ruwa zalla, na gwada da binegar, ba ɗaya ba ne.

Anti Zara, Injamena: A kan ulu ina sa shi ni ma, kuma in akwai ragowar sabulu yana cire ta. A kan targal ban taɓa ganin ya ƙara komai ba. Ba zai cutar ba dai, in an gwada a cikin kalmasa tukuna.

Maman Hafsat: To tunda an zo nan, ni ma ga tawa. Farar shaddar maigida, wadda ya sa da Sallah, 'yata ta goge ta fito da tabo ruwan ɗorawa a kafaɗa, siffar hancin dutsen sak. Shadda ai auduga ce, kun ce tana ɗaukar ɗigo uku. Me ya ƙona ta?

Bappa Tela: Hajiya, taki cuta ce dabam da ta Ɗan Garwa. Auduga ba ta narkewa, ba ta yin laushi da zafi. Ita gasuwa take yi: ta fara da rawaya, ta koma ruwan ƙasa, ta yi baƙi, ta ɓurme. Ɗigo uku da aka ce, ana nufin dutse yana tafiya kuma kayan da danshi. Muddin akwai ruwa a cikin zaren, zafinsa ba ya wuce na tafasar ruwa sosai, domin wutar tana tafiya ne wajen ƙafar da ruwan. Da ya bushe, sai zaren ya fara ɗaukar zafin ƙarfen kai tsaye. A nan Marwa lokacin hunturu, ka yayyafa wa riga ruwa, kafin ka gama hannu ɗaya ɗayan ya bushe ƙarau. Siffar hancin dutse da kika gani tana nuna an tsaya ne a wurin, wataƙila tana gyara wuyan rigar da ɗaya hannun.

Maman Hafsat: Waya take dannawa, na san hali.

Anti Zara, Injamena: An sa mata sitaci, Hajiya?

Maman Hafsat: Sosai ma, shi yana son ta tsaya.

Anti Zara, Injamena: To ki yi murna kaɗan. Sitaci yana rigan auduga gasuwa, kamar ƙanzon tuwo a gindin tukunya, tukunyar lafiya lau, abin da ya kwanta a kanta ne ya yi ja. Ki jiƙa wurin a ruwan ɗumi da sabulu ki wanke. In tabon ya tafi, sitacin ne. In ya rage, auduga ta taɓu, sai ki je famasi ki sayi o oksijene, mai kashi 3, wanda ake wanke ciwo da shi. Ki ɗiga a wurin, ki shanya a rana, ki ɗauraye, in bai gama fita ba ki sake. Wannan na farin kaya ne kawai, kuma na rawaya mara ƙarfi. In ya kai ruwan ƙasa mai duhu, ko da launin ya ragu zaren ya riga ya mutu, bayan 'yan wanki wurin zai yage. Sabulun da ba a ɗauraye da kyau ba shi ma yana yin rawaya a ƙarƙashin dutse, a duba wannan.

Usaini Kuseri: Jabel, ruwan nan da ake sa kaya su yi fari, ya fi sauri.

Anti Zara, Injamena: Ya fi saurin cin zaren da ya riga ya raunana. Kuma a kan ulu ko siliki jabel rawaya yake ƙarawa, har ya cinye su. Ni ban ba da shi.

Malam Buba, Gidar: Ku duk kuna maganar ɗigo da maɓalli. Mu da dutsen gawayi muke aiki, wuta ba kullum ba. Ina ɗigonmu?

Bappa Tela: Da shi na koyi aiki, Malam, kuma har gobe yana shagona. Ɗiga ruwa a ƙasansa. In ruwan ya kwanta yana tafasa a hankali, kana ƙasa, wajen kayan roba. In ya yi "cas" ya ɓace nan take, kana tsakiya. In ya dunƙule yana gudu a kan ƙarfen bai ƙafe ba, ka kai wajen 200 ko ka wuce, auduga mai danshi kawai. Ka ajiye farin tsumma a gefe, ka ɗora dutsen ka ƙirga biyar, in ya canja launi ko kaɗan to ko shadda kada ka taɓa. A sauke zafinsa a kan jiƙaƙƙen buhu. Abin da ya bambanta shi da na lantarki, shi ba ya tsayawa wuri ɗaya: ka kaɗa shi iska ta shiga ya hau, ka bar shi ya sauka. Don haka tsarin Zara a wajenku juyawa yake, in garwashin ya kama sosai a fara da manyan riguna na auduga, yadi da abaya su jira ya lafa. Kuma kada yadi mai duhu ya ga ƙarfen ba ƙyalle a tsakani.

Malam Buba, Gidar: Atamfa fa? Wata ta kawo mini, na ɗauka auduga ce, dutse ya kama ta ya bar launi a ƙasansa.

Sadiku Ngaundare: Ba duk atamfa ce auduga ba yanzu. Ta kamfanin Sikam na nan Kamaru auduga ce. Masu arha da yawa targal ne aka buga wa zane. Rinin targal kuma in zafi ya kai wajen 180 zuwa 200 tashi yake ya zama tururi, da haka ma ake buga hoto a rigunan ƙwallo.

Bappa Tela: Wannan karon ka faɗi daidai. Juya bayanta, Malam: ta kakin gaske launin ya ratsa fuska biyu, ta roba bayanta fari-fari ne. Ɗigon ruwa ma yana nunawa, auduga da aka taɓa wankewa tana shanye shi nan da nan. Wani abu kuma da ke cin masu guga shi ne aikin wuya. Babbar riga auduga, amma zaren aikin biskos ne ko targal, wani lokaci da zaren zinari na roba. Ka sa wutar riga ka bi ta kan aikin, ya kwanta ya mutu. Ana kifa shi ne a kan tawul a goge ta baya.

Maman Hafsat: Ni har yanzu ina ganin shadda mai tsada ba ta dutse ba ce, a kai ta bugu.

Anti Zara, Injamena: Ƙyallin bugu da na Ɗan Garwa hanyarsu ɗaya, baje zare ne, sai dai a shadda ko'ina ya samu daidai kuma ana so. Amma ba kowane gari ke da masu bugu ba, kuma bugu yana fasa maɓalli yana cin aiki. Ni ina goge ta da danshi, ta ciki.

Maman Hafsat: Gugar dutse ba ta taɓa kamo bugu, Anti, ko me za a ce.

Ɗan Garwa: Na dawo. Na yi yadda Anti Zara ta ce, da bargo a ƙasa. Na ɗinkin hannu ya tafi, sai ka san wurin za ka gani. Na wajen maɓallai ya ragu sosai. Bakin aljihun dama ne ya ƙi, kuma shi ne dama farce ke zamewa a kai, layi ne kamar tsawon yatsa. Ƙyallen da na shimfiɗa ya ɗan ɗauki bula kaɗan, ban sani ba ko wutar ta yi yawa.

Anti Zara, Injamena: A ɗigo biyu da jiƙaƙƙen ƙyalle bai kamata rinin targal ya tashi ba, ina jin na biskos ɗin ne ya zuba da ruwa. Amma gwada dutsen a kan farin tsumma, wasu in sun tsufa abin yanke wutarsu yana makalewa, ɗigo biyu ya koma uku. Aljihun kuma ka bar shi haka, ƙarin zafi ba zai gyara ba.

Bappa Tela: Aljihun ɗorawa ne ko na tsaga? In na ɗorawa ne, tela zai iya farke shi ya yanko sabo daga ragowar yadin in Alhajin yana da shi, ko daga cikin kalmasar ƙasa in tana da faɗi. Aikin rabin awa ne.

Usaini Kuseri: Ni da ni ne, shiru zan yi. Tsawon yatsa wa zai gani?

Ɗan Garwa: Na ɗorawa ne Bappa. Usaini, mutumin nan a rana yake duba kayansa kafin ya biya. Zan kira shi yau in tambaye shi ko telansa ya bar ragowa.